Wasiƙar Kwamitin Masallaci da Lissafin Bakin Ƙofa

Da zarar goman ƙarshe na Ramadan ya ƙarato, ko aka sa ranar wani babban ɗaurin aure, kwamitocin masallatai da dama kan fitar da 'yar takarda. Wani wuri a manna ta a jikin bango kusa da wurin alwala, wani wuri kuma ladan ko sakataren kwamiti ya karanta ta bayan an sallame. Bayan sallama da godiya, saƙon ɗaya ne: don Allah jama'a su daina tare bakin ƙofa. Kada a shimfiɗa darduma a wurin, kada a tara takalma, kada a jingine babur. Mutane kan saurara da rabin kunne, su shafa addu'a, Juma'a mai zuwa kuma a koma gidan jiya.

Da yawa na ɗaukar wannan wasiƙa a matsayin iyayin 'yan kwamiti, ko son a ga masallaci ya yi kyau a idon baƙi. Ba haka ba ne. A cikin duk sanarwar da kwamiti ke fitarwa a shekara, har da ta neman gudummawar man janareta, wannan ce kaɗai ke magana kai tsaye a kan rai da mutuwa. Matsalar ita ce ba kasafai masu rubuta ta ke faɗin dalili ba, shi ya sa ake jin ta kamar faɗan dattijo. Dalilin kuwa lissafi ne, kuma lissafin bai fi ƙarfin kowa ba.

Mu ɗauki masallacin Juma'a na unguwa, mai tsawon mita 30 da faɗin mita 24. Mai salla ɗaya na cin wurin da ya kai santimita 60 a faɗi da mita 1.2 a tsawo, gwargwadon darduma ke nan. Idan aka raba, masallacin na ɗaukar mutum 1,000 cif idan ya cika. Tunda alƙiblarmu gabas take, bangon gabas na mihirabi ne, ƙofofin jama'a suna kudu, arewa da yamma. A ce kowace ƙofa faɗinta mita ɗaya da rabi ne, mai ƙyaure biyu.

Masu tsara filayen wasa da manyan ɗakunan taro suna aiki da wani ƙiyasi: a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, idan babu abin da ya tare hanya, kimanin mutum 80 ne ke iya wucewa ta kowace mita ɗaya ta faɗin ƙofa a minti guda. A kan matakala adadin na sauka zuwa sittin da 'yan kai. Da wannan ƙiyasi, kowace ƙofar masallacinmu na fitar da mutum 120 a minti, ukun su fitar da 360. Mutum dubu za su fice ƙasa da minti uku. A kan takarda ke nan.

Yanzu mu dubi masallacin yadda yake a ranar Juma'a ta haƙiƙa. Ƙofar kudu, ƙyaure ɗaya ne a buɗe, ɗayan an danna masa sakata ƙasa tun bara, tsatsa ta kama, ba wanda ya ƙara taɓa shi. Ta koma mutum 60 a minti. Ƙofar arewa, an ajiye akwatin asusun masallaci a gefe guda, kwandon takalma a ɗaya gefen, abin da ya rage bai wuce mita ɗaya ba: mutum 80. Ƙofar yamma kuwa, wadda ke bayan sahu, waɗanda suka makara sun ja sahu a cikinta har waje, kuma rabinsu sun miƙe suna ciko raka'ar da ta kuɓuce musu. Wannan ƙofa a rufe take ruf, ko da ba kwaɗo a jikinta. Jimilla mutum 140 a minti. Fitar da ba ta kai minti uku ba ta haura minti bakwai, ba tare da an ƙara mutum ko ɗaya a cikin masallacin ba. Kuma ban sa masu sunkuyawa neman takalmi a lissafin ba, alhali kowane ɗaya daga cikinsu na tsayar da layin da ke bayansa.

A ranar lafiya, minti bakwai ba komai ba ne. Za a ɗan yi gumi, wani ya yi tsaki, wani ya rasa silifa ɗaya. Shi ya sa al'adar ke ɗorewa: shekara ashirin ana yi ba abin da ya faru. Amma idan wayar fanka ta yi tartsatsi, ko hayaƙin janareta ya turnuƙe, ko tayar mota ta fashe a waje aka ji ƙara, mutum dubun nan ba za su jira minti bakwai ba. Duk za su nufi ƙofa a lokaci guda, kuma kowa ƙofar da ya shigo ta ita zai nufa, ko da akwai wata kusa da shi, saboda ita ya sani kuma takalminsa na can.

Ba sai an yi gobara ba ma. A ranar 19 ga Satumba, 1902, a birnin Birmingham na jihar Alabama a Amurka, kimanin mutum 3,000 sun cika cocin Shiloh Baptist don sauraron jawabin Booker T. Washington, fitaccen malamin nan baƙar fata. Bayan ya gama, gardama ta kaure tsakanin mutum biyu a kan wurin zama. Wani ya yi ihu cewa ana faɗa, jama'a suka ji kamar an ce gobara. Aka kwasa zuwa babbar ƙofa, wadda ke fita kan matakala mai gangara zuwa titi, da bango a kowane gefe. Na gaba suka faɗi, na baya suka hau kansu. Mutum 115 suka rasu. Ko ashana ba a ƙyasta ba a cocin.

Abin da ke kashe mutane a irin wannan hali ba shi ne abin da yawancinmu ke zato ba. Mukan ce an tattake su, kuma hakan na faruwa, amma mafi yawa numfashi ne ke gagararsu. Idan mutum biyu ko uku ne a murabba'in mita ɗaya, kowa na tafiya da ƙafarsa. Idan suka kai biyar, an fara shiga haɗari. Daga shida zuwa bakwai, mutum ba ya iya sarrafa jikinsa, taron ne ke ɗaukarsa ya kai shi inda ya ga dama. Matsin da ke zuwa daga baya na danne ƙirji, mutum ya fitar da numfashi ya kasa jawo wani. Cikin 'yan mintuna ya suma, wani a tsaye ma zai cika. A ƙofa mai ƙunci kuma akwai ƙarin masifa: kafaɗu kan sarƙe a tsakanin dogaran ƙofa biyu, kamar yadda hatsi ke toshe bakin mazurari idan aka juye shi gaba ɗaya, sai ya zama ba mai fita sam. Na baya ba su san abin da ke faruwa a gaba ba. Su dai sun ga ba a motsi, sai su ƙara turawa. Ba mugunta ba ce, rashin gani ne.

Maganar takalma ita ce aka fi rainawa a wasiƙar, kuma ni a ganina ita ce mafi nauyi. Alhazan da suka yi aikin Hajji a watan Janairun 2006 za su tuna ranar 12 ga wata a Mina. Aƙalla mutum 345 suka rasu a mashigar gabas ta gadar Jamrat, kuma abin da hukumomin Saudiyya suka ce ya fara jawo abin shi ne kayan alhazai da suka zube a hanya, mutane suka yi tuntuɓe da su. Jakunkuna, ba wani makami ba. Bayan nan ne aka rushe tsohuwar gadar aka gina mai hawa-hawa, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka tsananta hana zuwa jifa da kaya. Tulin takalman da ke dokin ƙofar masallacinmu aikinsa ɗaya da waɗancan jakunkuna. Mutum ɗaya ya zame a kan silifar roba da ta jiƙe da ruwan alwala, shi ke nan an sami rami a cikin taron, na baya su rufta. Wanda ya faɗi a cikin matsi ba ya iya tashi da kansa.

To amma me ya sa mutane ke nacewa sai bakin ƙofa? Kowa da hujjarsa, kuma ba duka ne na banza ba. A watan Afrilu, ciki tanderu ne, iska a ƙofa take. Wani yana tsoron ɓarayin takalma, yana so idonsa na kan nasa. Ɗan kasuwa na so ya riga kowa fita. Dattijo mai ciwon gwiwa ba zai iya ƙetare sahu goma ba, sai ya ajiye kujerarsa inda ya fara samun inuwa. Mabaraci da mai sayar da turare da asuwaki sun san inda kowa zai bi. Wasiƙar da ta ce "a bar ƙofa" kawai, ba ta ba ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane wani wuri ba, ta faɗi tun kafin a gama karanta ta. Dattijon nan a ware masa layin kujeru a jikin bango, nesa da ƙofa da taku uku ko huɗu. Mai tsoron ɓarawo a ce ya zo da leda ya sa takalminsa a gabansa, yadda ake yi a Harami ba tare da kowa ya ji kunya ba. Masu bara da masu talla a ja musu layi a wajen get, a faɗa musu da mutunci, kuma a sanar da masu sadaka inda za su same su. Rabon sadaka a bakin ƙofa bayan salla yana daga cikin abubuwan da suka fi haɗari, don yana jawo taro na shigowa daidai lokacin da wani taron ke fita. Ba a manta da watan Disambar 2024 ba, lokacin da mutum 10 suka rasu a wurin rabon abinci a cocin Holy Trinity da ke Maitama a Abuja.

Mafi wuyar sha'ani shi ne masu salla a ƙofa, domin nan maganar ta taɓa addini, kuma ɗan agaji ba ya son a ce ya hana bawan Allah salla. Mutumin da ya tada kabbara a tsakiyar ƙofa ya sa mata kwaɗon da ya fi na ƙarfe, tunda kowa ya tashi da sanin cewa ba a gifta gaban mai salla. Mutum ɗari za su tsaya cak suna jiran mutum guda ya sallame. Sai dai malaman mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu ke bi, sun daɗe da warware wannan. A wurinsu laifin giftawa ba kullum yake kan mai wucewa ba. Idan mai salla ne ya je ya tsaya a inda ya san mutane za su bi, shi kuma mai wucewa ba shi da wata hanya, laifin na kan mai sallar. Haka nan masu cewa dole sahu ya bi ta cikin ƙofa ya haɗe da na waje, in ba haka ba sallar na waje ta ɓaci: a mazhabar, 'yar hanya a tsakanin mamu da liman ba ta ɓata koyi muddin ana jin liman ko ana ganin sahu. Wannan bayani ba aikin sakataren kwamiti ba ne. Liman ne ya kamata ya yi shi da bakinsa, a huɗuba ko kafin a tada iƙama, domin abin da ɗan agaji zai yi wata guda yana faɗa a kai, jumla biyu daga liman sun ishe shi.

Akwai kuma rabin laifin da ke wuyan kwamitin kansa, wanda wasiƙa ba ta cika ambata ba. Jama'a ba su suka kulle ƙofar kudu ba. Bayan harin da aka kai Babban Masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda sama da mutum ɗari suka rasu, masallatai da coci-coci da yawa a Arewa sun koma shiga ta get ɗaya don a caje kowa. Ba wanda zai ga laifinsu. Amma a wurare da dama sauran ƙofofin sun zauna da sarƙa da kwaɗo har yau, mabuɗin kuma na aljihun mutum ɗaya wanda wataƙila yana sahun farko, ko ma bai zo ba. Shiga ta ƙofa ɗaya abu ne mai ma'ana, fita ta ƙofa ɗaya ganganci ne. Hanyar da ta haɗa tsaro da tsira ita ce a cire kwaɗo daga kowace ƙofa kafin jama'a su taru, a tura ƙyaure kawai, a tsayar da ɗan agaji a jikinta. Shi zai hana shigowa ta nan, shi ne kuma zai wangale ta idan an sallame ko wani abu ya taso. Ƙungiyoyin agaji na Jama'atu Nasril Islam, Izala da Fityanul Islam suna da matasa masu horo a kusan kowane gari. Abin da ake buƙata shi ne a ba kowannensu ƙofa takamaimai, ba a bar su suna zagaye ba.

Sannan a duba ta ina ƙyauren ke buɗewa. Mafi yawan ƙofofin ƙarfe da masu walda ke yi mana ciki suke buɗewa, don kada a ga hinjin daga waje. Ƙofar da ke buɗewa ciki, idan taro ya danno ta, ba mai iya jawo ta. A birnin Santiago na ƙasar Chile, ranar 8 ga Disamba, 1863, gobara ta tashi a wani babban coci ana tsakiyar biki, mutum fiye da 2,000 suka halaka, akasarinsu mata, kuma ƙofofin da ke buɗewa ciki na cikin abin da ya hana su fita. Dokokin gini na Amurka a yau sun wajabta cewa ɗakin taron da ke ɗaukar mutum hamsin zuwa sama ƙofarsa ta buɗe waje. Idan ya haura mutum 500 ya zama da mafita uku, idan ya haura 1,000, huɗu. Juya hinji aikin yini ɗaya ne ga mai walda. Kafin a yi, a buɗe ƙyauren duka biyu a ɗaure su a bango tun kafin kiran salla na farko.

Ɓangaren mata ya fi ko'ina buƙatar wannan dubawa, kuma shi ne 'yan kwamiti, da yake maza ne, ba sa shiga. Sau da yawa ƙofa ɗaya ce, ƙarama, wani wurin ma a saman bene da matakala guda, ga tagogi duk an yi musu ƙarfe. A daren tahajjud akwai goyo, akwai yara na barci a ƙasa, akwai kulolin sahur. Idan za a aika wasiƙa, a nemi mata biyu ko uku daga cikin masu zuwa a ɗora musu alhakin ƙofarsu, a kuma tambaye su abin da ke tare ta. Sun fi kowa sani.

Wasiƙar da za ta yi aiki gajeriya ce, tana ambaton wuri da awo, tana kuma faɗin abin da kwamiti ya ɗaukar wa kansa. Ga misalin yadda za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Iyayenmu da 'yan'uwa, bayan gaisuwa, kwamiti na sanar da ku cewa daga daren 21 ga Ramadan za a buɗe ƙofofin masallaci duka uku, ƙyaure bibbiyu, har a tashi. Mun ja jan layi taku uku daga kowace ƙofa, ciki da waje. Muna roƙo don Allah kada a yi salla, ko a zauna, ko a ajiye takalmi a cikin layin. Akwai leda a hannun 'yan agaji ga mai son shiga da takalminsa. Kujerun dattawa suna jikin bangon arewa. Babura a bayan wurin alwala. Sadaka a wajen get. Dalilinmu shi ne, idan ƙofofin nan suna sarari masallaci na fita cikin minti uku, idan an tare su sai ya haura bakwai. Wanda ɗan agaji ya ce ya matsa, ya yi haƙuri, mu muka sa shi. Allah Ya karɓi ibadarmu. Wassalam."

Jumlar nan ta "mu muka sa shi" ba ado ba ce. Yaro ɗan shekara ashirin ba zai iya cewa Alhajin da ya sayo wa masallaci kafet ya ɗage dardumarsa ba sai in ya san kwamiti na bayansa. Idan ranar farko aka ƙyale mai kuɗi ya faka motarsa a bakin get, kowa ya gane wasiƙar ta talakawa ce.

Kwamiti na iya gwada kansa ba tare da kashe ko kwabo ba. Ranar Juma'a, mutum ɗaya ya tsaya da agogon waya, ya danna daga sallamar liman, ya ga minti nawa kafin ƙofofi su yi sarari, ya kuma lura da wadda ta fi daɗewa a cushe. A sake lissafin nan na sama da awon ƙofofinku, sannan a cire ƙofa mafi girma daga lissafin, a ɗauka wuta ko hayaƙi a nan suke. Abin da ya rage shi ne ainihin ƙarfin masallacin. A namu misalin, ƙofa biyu a sarari na fitar da mutum dubu a minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Idan matsi ya fara a ƙofa, maganinsa na baya ne, ba gaba ba: mai riƙe da lasifika ya ce sahun ciki su zauna, a fita sahu-sahu. Saboda haka lasifikar na buƙatar batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta, haka ma ƙwan da ke saman kowace ƙofa.

Kai kuma mai karatu, idan ka tsinci kanka a cunkoso har ka ji ana taɓa ka ta kowane gefe, ka kasa ɗaga hannu zuwa fuskarka, ko ka ji ƙafarka na tafiya ba da nufinka ba, an wuce wasa. Ka ɗaga hannuwanka gaban ƙirji don ka tsare wurin numfashi, kada ka yi dambe da taron, ka riƙa zamewa gefe-gefe inda ya fi sauƙi. Hula ko waya ko takalmi ya faɗi, ka bar shi. Yaro ka ɗauke shi sama. Wani ya faɗi kusa da kai, ku ɗago shi nan take, ku ɗaga murya na baya su ji. Wannan Juma'ar kuma, kafin ka shimfiɗa darduma, ka duba ƙofa ta biyu mafi kusa da kai, ka ga ko a buɗe take. Idan da kwaɗo a jikinta, ka nemi shugaban kwamiti bayan salla ka tambaye shi wa ke riƙe da mabuɗin.